Duba allon ces kafin ka taɓa ɗa

Ɗan'uwa, in kun baje allo a inuwar dalbejiya a Gusau, ɗora hannunka bisa gwiwa tukuna.

1. Fara da motsin abokin karawarka. Me ɗan da ya matsar yake hari yanzu? Ya buɗe wa wani ɗan hanya?

2. Bi 'ya'yanka ɗaya bayan ɗaya, ka ƙirga masu harin kowanne da masu tsaronsa. A ce dokinka na wani gida, biyu na harinsa, ɗaya ke tsare shi: kauce. Soja kuwa ko shi kaɗai ya hari doki ka gudu, don doki mai maki 3 za ka bayar ka karɓi soja mai maki 1.

3. Duba nasa 'ya'yan, ƙila ya bar wani a banza ba mai tsaro.

4. Gwada motsinka a zuci. Ɗan da za ka ɗaga, wa yake tsarewa? Nan sababbin hannu suka fi asarar sarauniya.