Kurakuran da aka fi yi wajen kwafe rubutun kwalin magani

Yawancin kuskuren da ake yi wajen kwafe sunan magani da adadinsa, ko a takarda ko a tura wa wani ta waya, daga wayo yake zuwa, mutum ya ga abu a jikin kwali sai ya ce bari in taƙaita ko in gyara. Aikinka kwafi ne kawai, abin da ido ya gani shi hannu zai rubuta.

Mu fara da maganin ruwa na yara don nan aka fi yin ɓarna. A ce kwalba an rubuta Amoxicillin 250 mg/5 ml, takardar da aka manna kuma ta ce a ba yaro 5 ml sau uku a rana. Sai mai kwafi ya rubuta "Amoxicillin 5 ml sau uku" ya tura, a ganinsa ya gama. To ai 5 ml ɗin nan yawan ruwan ne kawai, bai faɗi ƙarfin maganin da ke cikin ruwan ba, kuma Amoxicillin ɗin nan akwai mai 125 mg/5 ml, kwalbar ma wani lokacin kusan iri ɗaya. In wanda aka tura wa ya ɗauko mai 125, yaro zai riƙa shan 125 mg a maimakon 250 mg, wato rabi, kullum 375 mg a inda ake son 750 mg, kuma ba wanda zai lura tunda sirinjin awo dai 5 ml yake nunawa. In kuma aka juya, an rubuta mai 125 aka kawo mai 250, ninki biyu ke nan. Gyaran shi ne ka rubuta layi biyu daban, na farko suna da ƙarfi da duk abin da ke bayan sandar nan (/), na biyu yadda za a sha da kwana nawa. Kuma don Allah kar ka mayar da 5 ml "cokali ɗaya", cokulan gida ba girmansu ɗaya ba.

Sai mg, wato miligiram, da mcg, wato maikirogiram, harafi ɗaya ne tsakaninsu amma 1 mg daidai yake da 1000 mcg. Levothyroxine na maƙoƙo da Digoxin na zuciya dukansu da mcg aka fi rubuta su, misali Digoxin 125 mcg, wani kwalin kuma ya sa 0.125 mg, duk abu ɗaya ne. Kar ka yi lissafin juyawa da kanka, wanda ka gani shi za ka sa. Wani kamfanin µg yake bugawa, wannan alamar mai jela in aka rubuta ta da hannu cikin sauri kamar m take fitowa, waya ma ba kowa ke samunta a kibod ba sai ya danna mg kawai ya wuce. Nan ne kaɗai zan ce ka rubuta mcg, don ma'anarsu ɗaya kuma ba ya rikiɗewa.

Ɗigo ma haka. 2.5 mg in ɗigon ya ɓace ya koma 25 mg, ninki goma. Kar ka yar da sifilin gaba ka rubuta .5 a maimakon 0.5, za a karanta 5, kar kuma ka ƙara na baya don ado ka sa 5.0, za a karanta 50. Kwalayen da aka buga da Faransanci waƙafi suke sawa, 0,5 mg, shi ma rabin miligiram ne, kar ka ɗauka datti ne a jikin kwalin.

Masu insulin, in an rubuta 10 units ka rubuta kalmar cikakkiya, U kaɗai da hannu tana kama da sifili sai 10U ta zama 100. Haruffan da ke bin suna irin su SR ko XR su ma cikin sunan suke, suna nufin ƙwayar a hankali take sakin magani, Metformin 500 mg da Metformin XR 500 mg ba a shan su iri ɗaya.

In ka gama kar ka karanta naka rubutun kana gyaɗa kai, ido yana ganin abin da yake tsammani ne. Ka ɗora yatsa a kan kwalin ka bi lamba ɗaya ɗaya, biyu, ɗigo, biyar, m, g, wani yana duba takardarka in da hali. Inda rubutu ya goge ko hannun likita bai karantu ba ka bar wajen fili ka sa alamar tambaya, ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya ka nuna wa mai ba da magani ko likitan da ya rubuta, kar ka cike da na tsohon kwali don wataƙila an canja adadin.