Darasi na Shida: Wace Data ce Ta Fi Araha ga Mai Yawan Kallo?

Mu ɗauka ɗanka ya turo maka hotuna biyu da ya ɗauka daga fuskar wayarsa, ya ce: "Baba, zaɓi wadda zan saka maka." A hoto na farko an rubuta 10GB, naira 4,500, kwana 30. A na biyu kuma 15GB, naira 6,000, shi ma kwana 30. Waɗannan kuɗaɗe na misali ne, domin farashi yakan canza.

Kada ka tsaya a kan wadda kuɗinta ya fi kaɗan. Abin da za ka nema shi ne nawa giga ɗaya ta kama, kamar yadda kake tambayar kuɗin mudu kafin ka sayi buhu. Buɗe kalkuletar wayarka, ka raba kuɗin da yawan giga. Ta farko: 4,500 ÷ 10 = 450. Ta biyu: 6,000 ÷ 15 = 400. Ke nan a ta biyu kowace giga ta fi sauƙi da naira 50.

To amma da sauran magana. Ƙara girman hoto na biyu da yatsu biyu, ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasa. A misalinmu an sa 12GB + 3GB Night. Wannan giga uku ta dare ce, ba ta aiki sai cikin tsakar dare, lokacin da yawancinmu muke barci. Idan kai bayan sallar isha'i kake kallon wa'azi ko ƙwallo, giga 12 kawai ka saya. Sake lissafi: 6,000 ÷ 12 = 500. Yanzu ta farko ce mai araha, da ratar naira 50. Nan ne mutane da yawa suke yin asara, domin babbar lamba ita ke fara ɗaukar ido. Haka za ka cire duk gigar da aka keɓe wa wata manhaja da ba ka amfani da ita.

Sai kuma ka auna kallonka. Bidiyo a 480p, wato matsakaicin kyawun hoto, yana cin wajen rabin giga a awa ɗaya, a 720p kuwa, da hotonsa ya fi fitowa tar, yakan kai giga ɗaya ko fiye. Saboda haka 10GB za ta ba ka kimanin awa 20 a 480p. Mai kallon awa ɗaya kullum, kafin sati uku su cika ta ƙare, dole ya sake saye. Shi kwana 30 ɗin nan bai dame shi ba, farashin giga ne damuwarsa.

Aikin gida: danna *323# yau da safe ka rubuta datar da ta rage maka, gobe da safe ka sake. Bambancin ka ninka shi sau 30 don ka san datar da kake ci a wata, ka zo mana da amsar aji na gaba.