Yadda gayyatar kalanda ke nuna wa kowa lokacin garinsa

Jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Ga shawara ga masu shirya taro ta intanet daga nan Kano, musamman idan akwai 'yan uwa a ƙasashen waje.

Idan ka saka taro a Google Calendar ka gayyaci mutane, ba adadin ƙarfen kaɗai yake ajiyewa ba, yana haɗawa da yankin lokacin da ka zaɓa. Da shi ne wayar kowane baƙo ke lissafa nata. A ce ka sa taron iyali ƙarfe 4 na yamma agogon Kano. Ɗan uwanka da ke Jidda zai ga ƙarfe 6, na Dubai kuma ƙarfe 7. Na Landan ne mai rikitarwa, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ɗaya da namu, ragowar watannin kuwa ƙarfe 3 zai gani. Kalandar ta san da wannan, don haka kada ka wahalar da kanka da lissafi.

Inda ake samun matsala shi ne wajen zaɓen yankin. Kafin ka tura, danna Time zone ka tabbatar yana kan Lagos, wato GMT+1, don da wuya ka tarar da sunan Kano a jerin. Wanda ya dawo daga Umara ya duba da kyau, kalandarsa na iya zama a lokacin Saudiyya har yanzu, ya rubuta 4 mutanen Kano su ga 2.

Don Allah kuma a rubuta adireshin imel na kowa a wurin baƙi. Hoton allo da aka tura ta WhatsApp ba ya canza lokaci, abin da ka gani shi kowa zai gani.