Babi na 7: Fassara takardar lissafin kuɗi ba tare da an ɓata lissafin ba

Wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa a unguwar Birni, nan Damagaram, tana rubuta shiga da fitar kuɗinta a Excel da Faransanci. Ma'ajiya ta ce a mayar da shi Hausa don a karanta wa mata ranar taro. Ga yadda ake yi, da inda ake yin tuntuɓe.

Kafin komai, yi kwafin fayil ɗin, ka yi aiki a kan kwafin. Ka kuma rubuta jimillolin asali a takarda da biro. A misalinmu an sayar da mai sau uku: 45 000 da 30 000 da 12 500, jimilla sefa 87 500. An sayi gyaɗa ta 52 000. Saura 35 500, wato jika talatin da biyar da rabi.

Kowane gida na jadawalin abu uku yake iya ɗauka: rubutu, ko lamba, ko dabarar lissafi. Rubutu kaɗai ne naka. Dabara tana farawa da alamar =, amma a gidan sakamakonta kawai kake gani, sai ka danna shi ka dubi dogon layin da ke sama. In ka buga 87 500 da hannu a kanta, ka kashe ta: gobe a ƙara ciniki, jimilla ba za ta motsa ba. Don ganin dabaru duka, shiga Formules ka danna Afficher les formules. Kalmomi irin SOMME ba a fassara su. Excel da kansa yake nuna su da harshen da aka saka masa.

To, ga babban tarkon. A layin tsaye na B an rubuta irin kowace harka, Vente ko Achat, kuɗin kuma yana D. Jimillar ciniki tana fitowa daga nan:

```
=SOMME.SI(B2:B40;"Vente";D2:D40)
```

Ma'anarta: duk inda ka ga Vente a B, tara kuɗin da ke gefensa a D. Mai fassara ya bi B ya mayar da kowace Vente "Sayarwa". Nan take ciniki ya koma 0, saura ya koma -52 000, kuma Excel bai nuna wata alamar kuskure ba. Dabara tana neman kalmar da aka kwashe, ba ta samu ba, ta tara babu. Ka ga in an karanta wannan a gaban mata, ma'ajiya ce za ta sha kallo, alhali ko dala ba ta ɓata ba.

Gyaran shi ne a canja kalmar da ke tsakanin alamomin zance:

```
=SOMME.SI(B2:B40;"Sayarwa";D2:D40)
```

Sai rubutun ya zo iri ɗaya a ko'ina. In ka sa "Kuɗin mota" a dabara, a wani gida kuma ka buga "Kudin mota" ba lanƙwasa, wannan layin ba zai shiga lissafi ba. Ni dai nakan zaɓi kalma ɗaya, in buga ta sau ɗaya, in yi ta kwafa. Masu gaggawa suna amfani da Ctrl+H su canja duka lokaci guda. Yana aiki, har cikin dabara yake shiga, amma in akwai kanu mai Ventes zai mayar da shi "Sayarwas".

Tarko na biyu shi ne FCFA da ke bayan lambobi. Sau da yawa ba buga shi aka yi ba, riga ce aka sa wa gidan. Wanda ya share gidan ya buga "12 500 sefa" ya mayar da lamba rubutu, Excel ya tsallake ta shiru, ciniki ya sauka zuwa 75 000. Alamarsa: lamba takan jingina dama, rubutu hagu. In kana shakka, buga wannan a gidan da ba kowa:

```
=ESTNUM(D5)
```

VRAI na nufin lamba ce, FAUX rubutu. In kana son "sefa" ta bayyana, zaɓi gidajen, danna Ctrl+1, shiga Personnalisée, ka canja kalmar a can:

```
# ##0" sefa"
```

Waƙafi ma a bar shi yadda yake: a Excel na Faransanci sha biyu da rabi 12,5 ne, ba 12.5 ba. In kuma ka ga ##### kada gabanka ya faɗi, gidan ne ya yi wa lambar kaɗan, ja gefensa ya faɗaɗa.

Aikin gwaji: bayan ka gama, gwada jimillolinka da na takardar biro. Sannan mayar da 45 000 ta zama 46 000. Ciniki ya kamata ya nuna 88 500, saura 36 500. In ɗayansu bai motsa ba, danna gidan ka duba ko alamar = tana nan. Ka tuna ka mayar da 45 000 kafin ka ajiye fayil ɗin.