Durowar da ta ƙi rufuwa: kurakuran da ke ƙara ɓata ta

Mafi yawan durowoyin da ake kira wa kafinta, ba matsalar farko ce ta kashe su ba, ƙarfin da aka sa musu ne. Durowa ta tsaya saura yatsa biyu ta shige, sai mutum ya sa gwiwa ya banka ta. In da cokali ne ya maƙale a baya, to yanzu an sami cokali a maƙale da kuma lanƙwasasshen ƙarfe. Tura ta a hankali, ka lura da yadda take tsayawa. In ta tsaya da laushi, tana ɗan dawowa in ka saki, tsumma ne ko leda ko takarda ya faɗa baya. In kuwa ta yi ƙwas a wuri ɗaya kullum, abu ne mai tauri: ludayi, marfin kwalba, ko kan sukuru da ya kwance ya leƙo. In gefe ɗaya ya shige ɗayan ya tsaya, fuskar durowar ta karkace, to ƙarfen gefen da take zamewa a kai ne ke da magana.

Kuskure na biyu shi ne laluben baya da hannu ba tare da an cire durowar ba. Hannu ba ya kaiwa, kuma abin da ya faɗa yakan sauka bayan durowar ƙasa ne, sai ita ta ƙi rufuwa ana ta binciken ta sama. Cire ta gaba ɗaya, amma ka san irin ƙarfen da take da shi tukuna. Mai farin fenti da ƙaramar tayar roba, ana jawo shi har ƙarshe ne a ɗaga gaban sama, sai ya fita. Mai boris, wanda ƙananan ƙwallayen ƙarfe ke gudu a cikinsa, yana da wani baƙin harshe na roba a kowane gefe: a danna ɗaya sama, ɗaya ƙasa, a ja a lokaci guda. Wanda bai san da harshen nan ba sai ya fizga, boris ya watse a ƙasa. Bayan ta fita, haska tocila can ciki.

A ɗauki misalin durowar kicin mai ƙarfen boris, tsawonsa inci 18, wato kusan milimita 450. Dama ta shige, hagu ta bar tazarar santimita 2, kuma babu komai a baya. Zame ƙarfen hagun da ya rage a jikin kabad da yatsa, za ka ji inda yake cijewa. Duba wurin da kyau. Sau da yawa kan sukuru ne ya ɗago, ɗaure shi kawai zai gama aikin. In ramin ya yi faɗi sukurun yana juyawa a banza, cusa tsinken ashana biyu da ɗan gam, ka mayar. In sukurorin lafiya suke, ɗora ƙarfaffen rula a kan ƙarfen. Duk inda haske ya ratsa tsakaninsu, nan ne lanƙwasar take.

A nan ne ake ɗauko guduma, kuma a ganina nan ne ake asarar kuɗi. Ƙarfe mai tayar roba yana jure gyara: kwance shi, ka miƙar da leɓen da filaya kaɗan-kaɗan, kana gwadawa. Mai boris kuwa hanyar ƙwallayen ƙunci gare ta, duka ɗaya ya isa ya matse ta har abada. In ya lanƙwashe sosai, a sauya shi, kuma biyun tare, don sabo da tsoho ba sa tafiya daidai. Tafi kasuwa da tsohon a hannunka saboda tsawo. Ka kuma auna tazarar gefe, domin yawancin irin wannan ƙarfen yana buƙatar rabin inci, milimita 12.7, tsakanin durowa da bangon kabad a kowane ɓangare. In tazarar ta gaza, sabon ma zai cije.

Sai maganar mai. Man gyaɗa da baƙin mai ba sa miƙar da ƙarfe, ƙurar hunturu kawai suke tarawa har hanyar ta toshe. Goge dattin, ka shafa ɗan giris a kan boris, shi ke nan.

Tsohuwar durowar da katako ke zamewa a kan katako ita nata daban ne. Da damina itace yakan sha danshi ya kumbura, sai ta ƙi shiga. Kada ka yi gaggawar fere ta, don in hunturu ya zo za ta tsuke ta riƙa girgiɗi. Nemo inda gogayya ta sa katakon ya yi sheƙi, ka bi wurin kaɗai da sanfefa, sannan ka goga kyandir a gefunan.