Yadda Ake Bin Maganar Yaron da 'Yan Sanda Suka Kama Kafin Ta Kai Kotu

A ce yaro ne ɗan shekara 14, yana koyon gyaran waya a wani shago a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja. Wayar wani mai kawo gyara ta ɓace, wadda kuɗinta ya kai naira 90,000. Aka bi sawu aka gano yaron ne ya sayar da ita naira 35,000, har ya ci 10,000 daga ciki. Mai waya ya kai ƙara, kafin la'asar yaro yana caji ofis. Abin da iyayensa za su yi daga wannan yammacin zuwa jibi shi ne zai nuna ko maganar za ta mutu a ofishin 'yan sanda, ko kuwa za ta zama shari'ar da za a shafe watanni ana sintiri a kanta.

Na zaɓi Abuja ne don a can Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 take aiki kai tsaye. Jihohi kuwa sai kowacce ta yi tata: Kaduna ta yi a 2018, Kano a 2023. Ginshiƙin duk ɗaya ne, amma lambobin sassa da wasu ƙa'idoji suna bambanta, don haka wanda yake wata jiha ya sa lauya ya duba ta jiharsu. A dokar tarayya, yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Sashe na 204 ya ce ba a bi da shi ta hanyar da ake bi da babba mai laifi, yana da tasa hanyar daban.

Mataki na farko: tabbatar da shekaru

Kafin ka fita daga gida, ɗauki takardar haihuwarsa. Idan akwai ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ita ce gaba. Idan babu, katin asibiti na rigakafi, ko takardar sakamakon firamare, ko wasiƙa daga shugaban makarantarsa, duk suna taimakawa. Ka yi kwafi, ka riƙe na asalin a hannunka.

Dalilin gaggawar shi ne duk wata kariya da za a ambata a nan a kan shekaru ta rataya. Yaro mai tsayi da muryarsa ta fara buɗewa, cikin sauƙi a rubuta masa 18 ko 19 a takardar bincike, wani lokaci da gangan, wani lokaci don shi da kansa ya ƙara wa kansa shekaru saboda kada a raina shi. Da zarar lambar nan ta shiga takardar tuhuma, sai a kai shi kotun manya, daga can kuma gidan gyaran hali na manya, gyara ta kuwa sai an yi jayayya a gaban alƙali, wataƙila har da gwajin likita. Mutane ba su manta da yaran da aka gurfanar a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja a ranar 1 ga Nuwamba 2024 ba, waɗanda aka kamo bayan zanga-zangar watan Agusta, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi kafin aka janye tuhumar. Saboda haka ka roƙi ɗan sanda mai bincike ya nuna maka shekarun da ya rubuta, ka gani da idonka.

Ga ƙananan yara akwai ƙarin kariya a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa da Abuja. Sashe na 50 ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne sam. Daga 7 zuwa ƙasa da 12 kuma, ba laifi ba ne idan hankalinsa bai kai ya gane abin da ya yi da abin da zai biyo baya ba. Yaronmu mai shekara 14 ya wuce nan.

Mataki na biyu: a caji ofis

Doka ta wajabta wa 'yan sanda su sanar da iyaye ko mariƙin yaro nan take idan sun kama shi, su kuma duba yiwuwar sakinsa ba da ɓata lokaci ba. Yaron yana da haƙƙin ya yi shiru, da haƙƙin a yi masa tambayoyi mahaifinsa ko mariƙinsa yana wurin, da haƙƙin lauya, kyauta idan babu hali. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa tana da ofisoshi a jihohi saboda irin wannan.

Kada ka bari ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta muku ba cikin harshen da yake ji. Yara suna amsa abin da ba su yi ba don kawai a ce musu za su koma gida. Ka tambayi inda aka ajiye shi, domin ba a haɗa yaro ɗaki ɗaya da manyan da ake tsare da su. Ka tambaya ko akwai sashen da ke kula da harkar yara da mata a ofishin, ka nemi a mayar da maganar can. Sannan ka nemi belinsa a hannunka. Beli kyauta ne a doka, kowa ya san abin da akan nema a zahiri, amma zuwa da lauya ko dattijon unguwa yana rage wannan ciniki sosai.

Agogo yana tafiya. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Wannan kariya ce, amma kuma tana nufin lokacin da kake da shi na neman sulhu gajere ne.

Mataki na uku: neman a kashe maganar ba tare da shari'a ba

Nan ne babban bambancin yake, kuma nan ne iyaye da yawa ba su san suna da ƙafar tsayawa ba. Sashe na 209 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ya ba ɗan sanda, da mai gabatar da ƙara, da duk wanda maganar yaro ta zo hannunsa ikon warware ta ba tare da zaman shari'a ba. Hanyoyin da ya ambata su ne sa ido a kan yaron, yi masa nasiha da jagora, mayar da kayan da aka ɗauka, da biyan wanda aka cuta asararsa. Sharaɗin shi ne laifin ya kasance ba babba ba, kuma ko dai akwai bukatar sulhu, ko iyali ko makaranta sun ɗauki matakin da ya dace ko ana ganin za su ɗauka, ko kuma an ga hakan ne maslahar yaron da ta sauran. Sashen ya ƙara da cewa kai wa kotu shi ne mafita ta ƙarshe. Wato idan ka nemi wannan, ba alfarma kake roƙo ta bayan fage ba, hanya ce da doka ta shimfiɗa.

Ga yadda za a bi da maganar wayar. Fara da mai waya, ba da ɗan sanda ba. Ka je da mai shagon da yaron yake koyon aiki a wurinsa, da wani wanda mai wayar yake jin nauyinsa, ko shugaban 'yan kasuwa ko limami. Kada ka buɗe baki da "ai yaro ne". Mutumin da aka ɗauke wa waya ba abin da yake so ya ji ke nan ba. Ka fara da tambayarsa abin da ya rasa. Sau da yawa za ka tarar lambobi da hotunan da ke ciki sun fi kuɗin damunsa.

Idan an samo wayar a hannun wanda ya saya, lissafin mai sauƙi ne: waya ta koma ga mai ita, a mayar wa mai saye 35,000 ɗinsa idan an amince bai san ta sata ba ce, wato 25,000 da suka rage a hannun yaro da 10,000 daga aljihun uba. Idan ba a same ta ba, 90,000 ne a kanku. A iya shiryawa a ba da 40,000 nan take, sauran 50,000 a biya 25,000 sau biyu a ƙarshen wata biyu masu zuwa. Kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba don kawai a sake shi yau, domin saɓa biya ɗaya ya isa ya sa mai ƙara ya koma ya ce a kai kotu, kuma a wannan karon babu mai saurarenka.

Daga nan ku tafi tare wurin baturen 'yan sanda na yankin, ku ce kun daidaita, kuna neman a rufe maganar bisa wannan sashe. A rubuta komai: adadin kuɗin, ranakun biya, wanda zai sa ido a kan yaron, da cewa mai ƙara ya janye. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Kuɗi kuma hannu da hannu ga mai waya a gaban shaidu, da rasit. Idan aka ce ka ajiye kuɗin a ofis za a miƙa masa, ko aka sako wani "kuɗin rufe fayil", to abin ya fara kaucewa hanya.

A ganina yarjejeniyar da kuɗi kaɗai ke cikinta rabi ce. Uba ya biya, yaro bai ji komai ba. Ya kamata a sa wani abu da yaron da kansa zai yi: ya ba da haƙuri baki da baki, a riƙa cire wani abu daga ɗan abin da yake samu a shago har ya biya ubansa 10,000 ɗin, ya riƙa bayyana gaban jami'in walwalar jama'a ko mai unguwa duk mako na wasu watanni. Wannan ma shi ne yake gamsar da ɗan sanda cewa iyali sun ɗauki mataki.

Inda wannan hanya ba ta shiga

Idan yaron ya dage bai ɗauka ba, kuma babu hujja, kada ka tilasta masa ya amsa don a huta. Sulhu irin wannan a kan amsa laifi yake tsayawa, kuma biyan kuɗi a idon unguwa amsawa ce. Haka nan kisa, fashi da makami da fyaɗe ba sa cikin ƙananan laifuka. Wanda ya je yana tayin kuɗi don a binne irin waɗannan yana iya jawo wa kansa tuhuma.

Idan magana ta kai kotu, ko don girman laifin ko don sulhu ya ƙi, lauya ya nemi a kai ta kotun iyali, ya kuma sake tayar da batun sulhu, domin mai gabatar da ƙara ma yana da wannan iko. A kotun iyali ba a barin 'yan kallo, ba a buga sunan yaron ko hotonsa, iyaye suna halarta, kuma alƙali yana duba rahoton jami'in walwala game da gidan yaron da karatunsa kafin ya yanke shawara. Dokar tarayya ta hana a ɗaure yaro a gidan yari, ta hana bulala, ta hana hukuncin kisa. Alƙali yana iya sallamarsa da sharaɗi, ko ya sa shi ƙarƙashin kulawar jami'i, ko ya umarci iyaye su biya asarar, ko ya tura shi gidan horon yara idan laifin ya yi nauyi. Idan aka ce za a tsare shi kafin a gama shari'a, ka tambayi sunan wurin tun kuna cikin kotu, ka tabbatar gidan ajiye yara ne, ka kuma bi motar har ƙofa.