Darasi na Tara: Kafin Ka Zuba Kuɗin Sarin Sallah

Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari sarin atamfa ya san amsar da dila yake bayarwa in an tambaye shi kaya: "Akwai, Alhaji, ko nawa kake so." Sau da yawa ba ƙarya ya yi ba. Amma "akwai" ɗin nan iri uku ce. Akwai kayan da suke jibge a sito, ka gan su da idonka. Akwai waɗanda suke cikin kwantena a kan ruwa ko a tashar jirgin ruwa ta Legas. Akwai kuma waɗanda kamfani a ƙasar Sin bai ma buga su ba tukuna. Kafin ka ba da kafin alƙalami na babban sari, sai ka san wace "akwai" ake nufi. A wannan darasi za mu koyi neman abu biyu a rubuce: lissafin kayan da ke ƙasa, da kwanakin da sauran za su yi kafin su iso.

Fara da ranarka

Mai sayar da atamfa ba ranar Sallah yake kallo ba. Mata suna sayen turmi ne da wuri domin su kai wa tela, kuma a Kano da zarar azumi ya ɗan yi nisa teloli da yawa sun daina karɓar ɗinki. Kayan da suka iso goman ƙarshe sun makara, sai su yi kwantai har Babbar Sallah, wataƙila ma yayin zanen ya wuce. Don haka ka tsayar da ranar da dole kaya su kasance a shagonka.

Mu ɗauki misali. Wata Hajiya mai shago a Gyaɗi-Gyaɗi tana son turmi 300, kowane turmi yadi 6. Ta tsayar da 15 ga Sha'aban. Yau 1 ga Rajab, ke nan kwana 45 ne a hannunta, ko da ragin kwana ɗaya saboda ganin wata.

Yadda ake rubuta saƙon

Magana ta baka tana tashi da iska, musamman a hayaniyar kasuwa. Ka rubuta a takarda ko ta WhatsApp, ko ka sa ɗanka ya rubuta kana faɗa. Ga abin da Hajiya ta aika:

"Assalamu alaikum. Alhaji, barka da kasuwa, ya iyali? Ina so in yi sarin turmi 300 na zanen nan uku da na turo hotonsu, 100 kowanne. Kafin in turo kuɗi, don Allah a sa yaron sito ya ƙirga mini: turmi nawa ne a ƙasa yau na kowane zane, kuma nawa ne a ciki aka riga aka yi wa wasu alkawari? Waɗanda ba su iso ba, ina suke yanzu, kuma kwana nawa za su yi in an yi sauri, nawa in an samu tsaiko? Ina bukatarsu kafin 15 ga Sha'aban. Allah ya ba da kasuwa."

Ku lura da tambayar alkawari. Ita ce mafi muhimmanci a saƙon, ita ce kuma aka fi mantawa. Sito yana iya cika maƙil, amma rabin kayan na wasu 'yan kasuwa ne daga Maraɗi ko Maiduguri da suka biya, motarsu kawai ake jira. Kada kuma ka ji nauyin tambaya. Dilan kirki ya saba da ita, shi ma haka yake tsare waɗanda yake sara a wurinsu.

Karanta amsar

A ranar Alhaji ya amsa. Zane na farko akwai 250 a sito, an yi alkawarin 120. Hajiya ta cire 120 daga 250, saura 130. Nata 100 ya samu, babu matsala.

Zane na biyu akwai 200, an yi alkawarin 160, saura 40 kacal. Cikon 60 yana cikin kwantenar da ke kan ruwa. A nan ne aikin lissafi yake. Alhaji ya ce jirgi zai iso Legas nan da kwana 10. Fitar da kaya daga hannun kwastam kwana 14 zuwa 21. Tirela daga Legas zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000, kwana 3 zuwa 5. Saukewa da rarrabawa a sito kwana 2. In komai ya tafi daidai, 10 da 14 da 3 da 2 sun ba da kwana 29. In an samu tsaiko, 10 da 21 da 5 da 2 sun ba da 38.

Da babbar lambar ake aiki, ba da ƙaramar ba. A kan 38 ɗin Hajiya ta ƙara mako guda na ko-ta-kwana, don mota tana lalacewa a hanya, takarda tana maƙalewa a tasha. Ya zama 45, daidai da kwanakin da take da su, babu rarar ko ɗaya. Za ta iya karɓa, amma da sharaɗi. Ta ɗebi 40 ɗin yanzu, ta ba da ɗan kafin alƙalami a kan 60, aka rubuta a rasit cewa in 15 ga Sha'aban ta wuce babu kaya, za a mayar mata da kuɗinta ko ta zaɓi wani zane daga sito. Ta kuma nemi lambar kwantenar. Wanda kayansa suke kan ruwa da gaske yana da wannan lamba a takardunsa. In aka yi ta kewaye-kewaye a kanta, ko aka ce "sati mai zuwa insha Allahu" ba tare da an faɗi inda kayan suke ba, to ka ɗauka ba su taso ba.

Zane na uku babu ko ɗaya, sai an buga. Bugawa kwana 20, kan ruwa kwana 40, sannan kwana 28 na kwastam da tirela da saukewa. Jimla 88. Ƙirga daga 1 ga Rajab, za ka faɗa cikin kwanakin ƙarshe na azumi. Hajiya ta haƙura da shi duk da kyansa, ta maye gurbinsa da wani zane da ke ƙasa.

Wani abu da ya kamata masu sarin kayan Sin su riƙe: masana'antun can suna rufewa don bikin sabuwar shekararsu, wanda yake faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. A 2026 ya faɗo ranar 17 ga Fabrairu, daf da fara azumi. Tun da azumi yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, ka duba kalanda, ka tambayi dila ko ya sa hutun cikin lissafinsa.

Lissafin sito kuma yana tsufa da sauri. Wanda aka ba ka ranar Litinin ba lallai ya kai Alhamis ba, don haka a rubuta kwanan wata a kansa. Ranar da za ka biya, ka sake tambaya, ko ka je da kanka a ware naka a rubuta sunanka a jikin dilar kayan.

Aikin gwaji

Kana sarin sukari a kasuwar Singa don azumi, kana son buhu 80 kafin kwana 12. Dila ya ce akwai 150 a sito, an yi alkawarin 95, sabuwar mota za ta zo cikin kwana 6 zuwa 10. Buhu nawa za ka samu yau? Nawa ne ciko? In ka ƙara kwana 3 na ko-ta-kwana, cikon zai riske ka a kan lokaci? Rubuta amsarka, sannan ka rubuta saƙon da za ka aika wa dilan.